Sholisho, tina da turaren feshi: yadda shaƙar farko ke iya tsayar da zuciya

Yawancin mutane suna ɗaukar shaye-shaye a matsayin cuta mai ci a hankali. Mutum ya fara, ya saba, ya rame, hankalinsa ya raunana, sannan bayan shekaru jiki ya gaza. Haka lamarin yake ga abubuwa da dama, kuma a kan wannan fahimta ce matashi ke gina lissafinsa idan aboki ya miƙo masa tsumman sholisho ya ce ya ɗana: ai sau ɗaya ba ya kisa. Ga abubuwan da ake shaƙa, wato sholisho da gam da tina da fetur da gas ɗin laita da turaren feshi, wannan lissafi ba ya aiki. Mutuwar da suka fi shahara da ita ba ta jiran ɓarna ta taru a jiki. Abubuwa biyu kawai take buƙata su haɗu a lokaci guda: tururin sinadari a cikin tsokar zuciya, da firgita ko gudu ko wani motsi mai ƙarfi. Ranar farko tana iya haɗa su kamar yadda rana ta ɗari za ta iya.

Kayan sana'a ne, ba kayan maye ba

Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da aka yi domin jikin ɗan Adam. Sholisho na mai faci ne, tina na mai fenti da kafinta, gam na shumeka. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne yana ɗauke da ruwan sinadari mai saurin zama tururi, wanda aikinsa shi ne ya narkar da roba ko fenti, sannan ya tashi ya bar wurin a bushe. A gam da tina, sinadarin da aka fi samu shi ne toluwin, sau da yawa gauraye da wasu danginsa irin su hekzen. A gwangwanin feshi kuwa, ko na turare ne ko na maganin sauro, abin da ke turo ruwan waje galibi gas ne na butan da furofen, 'yan'uwan wanda ke cikin tukunyar girki. Akwai kuma ruwan da ake sayarwa a kwalabe marasa lakabi da sunan madarar sukudaye, sunan da ya samo asali daga Turancin da ke nufin “zuƙi ka mutu”. Mai sayensa ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Miyagun Ƙwayoyi (UNODC) ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya a farkon 2019 ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da aka duba, kuma kimanin 300,000 daga cikinsu masu shaƙar irin waɗannan sinadarai ne. Adadin ya yi kama da ƙarami. Sai dai ƙidayar ta fara ne daga shekara 15, alhali shaƙe-shaƙe a ƙasashe da dama ya fi kama yara masu ƙarancin shekaru, domin shi ne mafi arha kuma mafi kusa da hannu.

Daga hanci zuwa zuciya, ba shinge

Abin da mutum ya haɗiya yana bin doguwar hanya: ciki, hanji, sannan hanta, wadda ke tace wani kaso kafin sauran ya zagaya jiki. Wannan yana ɗaukar mintuna masu yawa, kuma jiki yana da damar yin amai. Abin da aka shaƙa ba ya bin wannan hanya. Huhu yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, waɗanda da za a shimfiɗa su za su rufe fili mai faɗin murabba'in mita hamsin ko fiye, kuma fatar da ke tsakanin iska da jini a wurin ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. An halicce ta ne domin oksijin ya ratsa cikin ƙiftawar ido. Tururin toluwin ko butan yana ratsa ta da irin wannan sauri.

Jinin da ya baro huhu ɓangaren hagu na zuciya yake shiga kai tsaye. Daga nan ake harba shi cikin babbar jijiyar jiki, kuma rassan farko da ke fita daga wannan jijiya su ne masu ciyar da tsokar zuciyar kanta. Ke nan zuciya tana cikin sahun farko na gaɓoɓin da ke karɓar sinadarin, kafin ya tsarma cikin sauran jinin jiki, kafin hanta ta gan shi. Ƙwaƙwalwa na biye da ita cikin 'yan daƙiƙu. Waɗannan sinadarai suna son kitse, ƙwaƙwalwa kuwa cike take da shi, shi ya sa jiri da shewa da gane-gane suke zuwa nan take, kuma suke gushewa cikin mintuna, abin da ke sa mai shaƙa ya yi ta maimaitawa.

Batun yawan abin da ke shiga jiki shi ne inda haɗarin ya fara bayyana. Hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sanya kashi 500 cikin miliyan na toluwin a iska a matsayin matakin da ke barazana ga rai ko lafiya nan take, wanda dole ma'aikaci ya fice daga wurin. Mai shaƙa da gangan yana jawo dubbai cikin miliyan. Kuma ba ya iya aunawa. Mai shan ƙwaya aƙalla yana iya ƙirga ƙwaya. Mai shaƙa ba ya san ko numfashin nan ya ninka na baya sau biyu ko sau goma, domin zafin rana da ƙuncin ɗaki da zurfin numfashi duk suna sauya adadin.

Darasin da likitocin tiyata suka koya da tsada

Abin da ke faruwa a zuciyar mai shaƙa ba sabon ilimi ba ne. Likitoci sun ci karo da shi tun ƙarni na 19, a ɗakin tiyata.

A watan Nuwamban 1847 likita James Young Simpson na birnin Edinburgh ya gabatar da kulorofom a matsayin maganin sa barci lokacin tiyata. Kulorofom ruwa ne mai saurin zama tururi, ana ɗiga shi a ƙyalle a kara wa majiyyaci a hanci. Ba a cika wata uku ba, ranar 28 ga Janairun 1848, aka ba wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener kulorofom a wani ƙauye kusa da Newcastle domin a cire mata farcen ƙafa. Ƙaramin aiki ne, kuma an ruwaito cewa a tsorace take. Cikin mintuna biyu zuwa uku ta mutu. Ita ce mutuwa ta farko da aka rubuta ta dalilin kulorofom, kuma wasu da yawa sun biyo baya da siffa iri ɗaya: matasa masu ƙoshin lafiya, a farkon ba da maganin, sau da yawa suna cikin fargaba ko suna kokawa.

An shafe shekaru sama da sittin ana gardama kan dalili. A 1911 wani likita a Landan, Alfred Goodman Levy, ya yi gwaji da kyanwoyi. Ya ba su kulorofom kaɗan, sannan ya yi musu allurar adirenalin, sinadarin da jiki ke saki da kansa idan an firgita. Zuciyoyinsu suka rikice suka daina harba jini. Abin da ya fi ba da mamaki a bincikensa shi ne haɗarin ya fi yawa lokacin da barcin bai yi nisa ba. Ba sai maganin ya yi yawa ba. Rabin maye, tare da tsoro, ya wadatar.

Wannan ita ce siffar wanda ke gwadawa karon farko: bai yi nisa ba, gabansa na faɗuwa, yana tsoron a gan shi.

A 1970 wani likitan binciken gawa a Amurka, Millard Bass, ya wallafa rahoton mutuwar matasa 110 da suka mutu farat ɗaya bayan shaƙar sinadaran feshi da na goge-goge a cikin shekarun 1960. Ya lura da wani tsari da ke maimaituwa. Matashi zai shaƙa, sai ya zabura ya ruga da gudu ko ya yi wani motsi mai ƙarfi, sai ya yanke jiki ya faɗi matacce. Da aka buɗe gawarwakin ba a ga abin da zai bayyana mutuwar ba, kuma ba leda ce ta toshe musu numfashi ba. Shi ne ya raɗa wa lamarin sunan da likitoci ke amfani da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce mutuwar fuju'a ta shaƙa. Shekara guda bayan haka masu bincike suka maimaita irin gwajin Levy da karnuka da gas ɗin gwangwanin feshi, suka sami sakamako iri ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin zuciyar

Zuciya famfo ne da lantarki ke sarrafawa. Wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta a samanta yana aika sigina sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, siginar ta bazu cikin tsari, ɗakunan zuciya su matse tare su tura jini. Bayan kowane bugu, kowace ƙwayar tsoka tana buƙatar ɗan lokaci, ƙasa da rabin daƙiƙa, ta sake shiri domin bugu na gaba. Tana yin haka ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta, waɗanda gishirin fotasiyam da makamantansa ke shiga da fita ta cikinsu.

Tururin sinadari yana narkewa cikin fatar waɗannan ƙwayoyi yana dagula aikin ƙofofin. Sakamakon shi ne wasu sassan zuciya su gama shiri, wasu kuma su makara. Muddin bugun yana tafiya a natse, wannan rashin daidaito yana iya wucewa ba tare da an lura ba. To amma idan adirenalin ya kwararo, zuciya tana ƙara sauri, tana kuma jefa bugu na kari a tsakanin bugu na ƙa'ida. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗo daidai lokacin da rabin tsokar ya shirya rabi bai shirya ba, siginar lantarkin takan tarwatse ta riƙa kewaya kanta. Maimakon matsa guda mai ƙarfi, sai kowane sashe ya riƙa karkarwa shi kaɗai. Zuciyar tana motsi, amma ko cokali ɗaya na jini ba ya fita.

Daga wannan lokaci agogo ya fara ƙirga. Cikin kimanin daƙiƙa goma mutum zai fita hayyacinsa ya faɗi. Yana iya yin 'yar fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, ko ya riƙa jan wani numfashi mai kama da minshari jefi-jefi, abin da ke ruɗar na kusa su ɗauka barci ne ko maye. Bayan minti huɗu zuwa shida ba jini, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan fara mutuwa. Irin wannan karkarwa ba kasafai take daidaita da kanta ba. Abin da ke mayar da ita kan tsari shi ne na'urar da ke buga ƙirji da lantarki, kuma kowane minti da ya wuce ba agaji yana rage damar tsira da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Babu wani abu a wannan bayani da ya dogara ga tsawon lokacin da mutum ya yi yana shaƙa. Zuciyar ɗan shekara 14 da bai taɓa rashin lafiya ba tana da waɗannan ƙofofi kamar ta kowa. Sabo ma ba ya kare wanda ya daɗe: ƙwaƙwalwarsa ce ke sabawa har ya riƙa buƙatar ƙari, zuciyarsa ba ta sabawa.

Minti goma a bayan shago

A ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba, amma wanda kowane matakinsa ya yi daidai da abin da rahotannin likitoci suka nuna. Yaro ɗan shekara 15 yana koyon faci. Da azahar, maigidansa ya tafi masallaci, wani babban yaro ya ja shi bayan shago ya ce: “Kai ƙane, gwada mana, ba abin da zai same ka.” Ya gwada. Cikin rabin minti kansa ya yi sama, ƙafafunsa sun yi sanyi, yana dariya. A wannan lokaci tururin ya riga ya isa tsokar zuciyarsa. Ba ya jin komai a ƙirji, domin wannan sauyi ba shi da zafi kuma ba shi da alama.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A ta farko, ba wanda ya zo. Ya zauna, iska ta kaɗa, huhunsa ya fitar da mafi yawan tururin, ya tashi da ciwon kai da tashin zuciya. Gaskiya ita ce haka yawancin gwajin farko ke ƙarewa, kuma wannan ne tushen yaudarar: duk wanda ya tsira yana zama shaida ga na baya cewa abin ba ya kisa.

A hanya ta biyu, maigidan ya dawo da wuri, ya leƙo, ya daka tsawa. Yaron ya zabura ya ruga. Adirenalin ya cika jininsa cikin daƙiƙu, bugun zuciyarsa ya haura, ga kuma ƙarancin oksijin saboda numfashin da ya yi ta ja ba na iska mai kyau ba ne. Ya yi taku ashirin ko talatin ya kife. Mutane suka taru. Wani ya ce maye ne, a bar shi ya huce. Wani ya kawo ruwa ya kwara masa. Wata ta ce iska ce ta buge shi. Kafin a yanke shawarar neman Keke Napep, minti shida sun wuce. Kafin a isa asibiti, ashirin.

Yaro ɗaya ne, gwangwani ɗaya, adadi ɗaya. Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne lokacin da wani ya buɗe ƙofa. Kuma ba lallai sai wani ya zo ba. Gane-ganen da sinadarin ke haddasawa yana iya firgita mai shaƙa shi kaɗai, musamman wanda bai taɓa ji ba. Haka ƙarar jiniya, ko wasan kokawa da abokai, ko hawa katanga.

Sauran hanyoyin da ba sa jiran rana ta biyu

Zuciya ce babbar hanya, amma ba ita kaɗai ba. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin. Idan gas ya maye gurbinta har ta sauka ƙasa da kashi 10, suma na iya zuwa ba gargaɗi, kuma ƙasa da kashi 6 mutuwa ce cikin mintuna. Jiki ba shi da ƙararrawa mai kyau ta ƙarancin oksijin. Abin da ke sa mutum jin shaƙewa shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa, sinadarin kuwa yana dusashe ko wannan jin. Wanda ya suma da leda a fuskarsa ba zai iya cire ta ba. Tururin waɗannan abubuwa ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, don haka wanda ya faɗi a rufaffen ɗaki ko cikin mota ya faɗi ne inda ya fi kauri.

Gwangwanin feshi da gas ɗin laita suna da nasu ƙarin sharri. Butan ruwa ne a cikin gwangwani saboda matsi, amma yana tafasa tun a kusan digiri sifili, furofen kuwa a digiri 42 ƙasa da sifili. Da zarar ya fito yana zuƙe zafin duk abin da ya taɓa. Idan ya sami maƙogwaro yana iya ƙona shi da sanyi, ya kumbura ko ya ɗame ya rufe hanyar iska, ko kuma ya taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya har ta tsaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa gas ya fi gam kisa a ƙididdigar ƙasashen da ke rubuta irin waɗannan mace-mace. A 2023 wata yarinya 'yar shekara 13 a Melbourne ta Ostireliya ta shaƙi turaren feshi a gidan ƙawarta, zuciyarta ta tsaya, aka farfaɗo da ita, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta lalace. Ta rasu bayan kwana takwas a kan na'ura.

Sai amai. Waɗannan sinadarai suna tayar da zuciya, suna kuma kashe tarin da ke kare huhu, don haka wanda ya suma a rigingine yana iya shaƙe abin da ya amayar. Sai wuta, domin tururin yana kamawa da ƙyastun ashana ko sigari. Sai faɗuwa daga gini, da shiga gaban mota, da nutsewa a kududdufi.

Illolin da ke zuwa da daɗewa, irin su lalacewar ƙwaƙwalwa da ƙoda da jijiyoyin ƙafa da raunin ji, suna nan kuma suna da muni, amma na waɗanda suka tsallake ranakun farko ne.

Abin da ƙididdigar Birtaniya ta nuna

Birtaniya na cikin ƙasashe ƙalilan da suka daɗe suna bin wannan lamari gawa bayan gawa. Masu bincike a makarantar likitanci ta St George's da ke Landan sun tattara bayanan mace-macen shaƙa tun daga 1971. Adadin ya kai ƙololuwa a 1990, inda mutum 152 suka mutu, akasarinsu samari. Daga bayanan Birtaniya ne aka samo adadin da ake yawan ambatawa, cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu ba a san su da shaƙa ba kafin ranar. Adadin yana buƙatar a karanta shi da hankali: rashin sanin iyaye ba hujja ba ce cewa yaron bai taɓa yi ba. Duk da haka, ko da an rage wani kaso saboda wannan, abin da ya saura ya isa ya rushe zancen cewa sai an daɗe.

Matakan da ƙasar ta ɗauka ba su tsaya ga kama yara ba. A 1985 doka ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 wani sinadari idan mai shago yana da dalilin zaton shaƙa za a yi. A farkon shekarun 1990 aka yi gangamin wayar da kan iyaye, kuma cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu da kusan rabi. A 1999 aka hana sayar da gas ɗin cika laita ga 'yan ƙasa da shekara 18 gaba ɗaya. A Nijeriya, haramta maganin tari mai kodin da aka yi a watan Mayun 2018 ba abin koyi ba ne kai tsaye a nan, domin ba za a iya haramta sholisho ba alhali kowane mai babur yana buƙatar faci. Abin da doka ke iya taɓawa shi ne wa ake sayar wa, da wane ma'auni, kuma a wace irin kwalba.

Akwai wani gefen da ya shafi masu sintiri da 'yan sa kai na unguwa da duk wanda ke kai samame maɓoyar matasa. Dirar bazata, ihu da kora su ne ainihin abin da binciken Levy da na Bass suka nuna yana kunna mutuwar. Wanda ya kori yaron da ke tsakiyar shaƙa da niyyar gyara shi yana iya zama rabin dalilin faɗuwarsa ba tare da ya sani ba.

Idan an tarar da mutum a wannan hali

Idan yana farke, abin da ake so shi ne natsuwa. A yi masa magana a hankali, a janye abin daga kusa da shi ba da fizga ba, a buɗe ƙofa da taga ko a fito da shi iska yana tafiya sannu, a zaunar da shi. Ba tsawa, ba duka, ba kora, ba kwara ruwan sanyi, ba kunna ashana. Faɗa da nasiha suna iya jira sai ya dawo hayyacinsa sarai. Idan yana jin ƙirjinsa na dukan uku-uku, ko numfashi na yi masa wuya, ko ruɗewar ta ƙi wucewa, asibiti za a nufa.

Idan ya suma amma yana numfashi daidai, a kwantar da shi a gefensa domin amai ya zubo waje, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja, a kuma nemi kai shi asibiti ana lura da numfashinsa. Idan kuwa ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, ko yana jan numfashin nan na jefi-jefi, a ɗauka zuciya ta tsaya. Wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, wani kuma ya kwantar da shi a rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, ana karɓa-karɓa idan an gaji. Dannawar ba ta daidaita karkarwar zuciya, amma tana tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa har a kai ga na'ura.

A asibiti a faɗi gaskiyar abin da ya shaƙa, a kuma tafi da gwangwanin idan da hali. Kunya kan sa dangi su ce faɗuwa kawai ya yi. Amma babu makarin da ke karya wannan guba kamar yadda ake da shi ga dangin kodin, kuma wasu magungunan gaggawa, ciki har da allurar adirenalin da wasu magungunan asma, likita zai yi taka-tsantsan da su idan ya san zuciyar tana jiƙe da sinadari.

Karkarwar zuciya ba ta barin tabo. Ko a inda ake buɗe gawa, sai an yi gwajin jini na musamman cikin kwalba mai rufi sosai kafin a gano sinadarin, domin yana tashi ya gudu. A arewacin Nijeriya, inda ake yin jana'iza cikin sa'o'i kuma buɗe gawa ba al'ada ba ce, saurayin da ya faɗi a bayan shago da azahar yakan kwanta a makwancinsa kafin magariba. Abokan da suka san abin da ya faru suna tsoron magana, takarda kuwa, idan ma an rubuta, ba za ta ambaci sholisho ba.